Kunnen habaici ne yake kayar da yaranmu a tambayar "me marubuci yake nufi"

Jama'a ku bari in ɗan yi dogon rubutu yau, wanda ba zai iya karantawa ba ya wuce abinsa ba komai. Maganar ta daɗe tana cina, jiya kuma ɗan yayata ya sake tono min ita.

Yaron yana shekarar ƙarshe a sakandare nan Makka, yana shirin zana Ƙudurat, jarabawar nan ta cibiyar shirya jarabawa ta Ƙiyas da ake dubawa wajen shiga jami'a a Saudiyya. Lissafi ba ya ba shi wahala ko kaɗan, amma a ɓangaren lugga da zarar an zo kan isti'abul maƙru'i, wato a ba ka nassi ka karanta ka amsa tambaya a kansa, sai ka ga yana zubar da maki kamar buhun da ya huje. Kuma ba duka tambayoyin ba fa. In an ce a wace shekara kaza ya faru zai nemo maka cikin daƙiƙa. Inda yake faɗuwa shi ne masu farawa da "yufhamu minan nassi" ko "yustantaju minal fiƙra", me ake fahimta, me za a ciro, abin da marubucin bai faɗa da bakinsa ba amma maganarsa ta ɗauko shi.

Uwarsa tace Larabci ne bai ishe shi ba. Nace Yaya wane Larabci kuma, yaron da aka haifa a unguwar Shara Mansur nan Makka, da Larabci yake mafarki ma. Ni a ganina fahimtar ce ta yi masa yawa. Mu Hausawa da habaici muka tashi, da gugar zana da hannunka mai sanda. Mace ta leƙo ta ce wa maƙwabciyarta "yau kam an sha barci", kowa a gidan ya san raguwa aka kira ta. Kunnen da ya saba da wannan, da ya ji kalma ɗaya sai ya gina mata gida har da zaure. A zaman duniya wannan baiwa ce wlh, amma mai saka jarabawa taku ɗaya tak yake so ka yi daga nassin, kai kuma ka riga ka yi biyar.

Bayan isha'i na zaunar da shi, da shi da wata 'yar maƙwabtanmu da take ajinsu ɗaya a shekaru, na rubuta musu ɗan sakin layi da kaina a kan abin da ya shafe mu. Da Larabci na rubuta amma ga ma'anarsa:

"Kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, mahajjata daga ƙasar Hausa da Borno hanyar ƙasa suke bi, ta Chadi su shiga Sudan, su tsallaka Bahar Maliya daga Suwakin zuwa Jidda. Tafiyar takan ɗauki shekaru. Da yawansu sukan yada zango su yi ƙodago, musamman a gonakin audugar Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, har sai sun tara abin da zai kai su gaba. Wasu daga cikinsu ba su koma gida ba."

Tambaya: me za a ciro daga wannan nassin? Na jera zaɓi huɗu yadda ake yi a jarabawar. Alif, tafiyar takan ɗauki shekaru. Ba, guzurin da wasu suka baro gida da shi bai isa ya kai su Makka ba. Jim, waɗanda ba su koma ba daɗin Sudan ne ya mantar da su gida. Dal, akwai garuruwan mutanenmu a bakin Shuɗin Nilu irin su Mai Wurno.

Ko minti ɗaya bai yi ba ya zagaye jim. Nace me yasa? Yace "haba Kawu, ai a fili yake, mutumin habaici yake musu, sun samu kuɗin auduga sun miƙe ƙafa." Nace to ɗora min yatsanka a kan kalmar da ta ce daɗi, ko wadda ta ce mantuwa. Ya yi ta yawo da yatsa a kan takarda har ya gaji, ƙarshe ya ajiye shi a kan "ba su koma gida ba". Nace wannan ta gaya maka ba su koma ba, dalilin fa, wa ya gaya maka? Wanda ya rasu a hanya bai koma ba, wanda bashi ya riƙe bai koma ba, wanda ya iso Makka ya ce nan zai ƙare rayuwarsa kusa da Harami shi ma bai koma ba, kai kanka jikan irin wannan ne. Nassin ya bar ƙofofin nan duka a buɗe, kai ka zaɓi guda ka shige ka ce marubuci ne ya tura ka.

Ita kuwa yarinyar dal ta ɗauka, kuma nata kuskuren ya fi ban tausayi don gaskiya ta zaɓa. Mai Wurno tana nan a jihar Sinnar, waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa ta, kakarta ma can aka haife ta. Tace "Kawu amma ai ba ƙarya bane." Nace 'yata ba wanda ya ce ƙarya ne, sai dai ba a tambaye ki abin da kika sani ba, an tambaye ki abin da wannan takardar ta haifa. A bai wa ɗan Indonesiya da bai taɓa jin sunan Sudan ba nassin nan, zai iya fito da Mai Wurno daga ciki? Ba zai iya ba. To ba amsa bace. Masu saka tambaya suna sane suke dasa irin wannan, zance na gaskiya wanda ba shi da uwa a nassin, kuma yara masu yawan karatu da sauraron manya su ya fi kamawa.

Amsar ita ce zaɓi na biyu, wato ba, kuma ga yadda nake gwada ta, wannan dabarar ita na fi so su riƙe. Ka juya zaɓin ka ƙaryata shi, sannan ka koma ka ga ko nassin zai iya tsayawa da ƙafarsa. Mu ce kowa guzurinsa ya ishe shi tun daga gida har Makka. To me ya tsayar da su suna ƙodago "har sai sun tara abin da zai kai su gaba"? Jimlar ta rushe, ba ta da ma'ana kuma. Tunda ƙaryata zaɓin ya karya nassin, nassin yana ɗauke da shi kenan ko da bai furta ba. Yanzu yi wa jim haka: mu ce ba daɗi ne ya riƙe su ba. Nassin ko gezau, komai na nan daidai. Dal ma haka, ka ɗauka babu wani gari Mai Wurno, sakin layin bai rasa komai ba. Kuma ku lura da kalmar "wasu" a cikin ba ɗin. Da na rubuta "guzurin dukkan mahajjata bai isa ba" da ita ma ta faɗi, don nassin "da yawansu" ya ce, bai ce duka ba. Kalma ɗaya irin duka, ko kullum, ko ba a taɓa ba, ta isa ta kashe zaɓin da sauran jikinsa lafiya lau.

Abin da yake ban mamaki, wannan ilimin ba baƙo bane a wajenmu, a zauren malamai yake tun kafin a san wata jarabawa. Masu usulul fiƙhi sun raba manɗuƙi da mafhumi, abin da lafazi ya furta da abin da aka fahimta daga gare shi. A Suratul Isra'i aya ta 23 an hana ce wa iyaye "uffin", ba a ambaci bugunsu ba, amma ba mai hankalin da zai ce bugunsu ya halatta, tunda an hana ƙaramin ai babban ya riga shi hanuwa. Wanda ya fi burge ni ma shi ne na wata shida. Suratul Ahƙaf aya ta 15 ta ce ɗaukar ciki da yaye wata 30 ne, Baƙara aya ta 233 ta ce shayarwa shekara biyu cikakku, wata 24 kenan. Cire 24 daga 30, saura 6, daga nan malamai suka ciro cewa mafi ƙarancin zaman ciki wata shida ne. Ba ayar da ta faɗi haka kai tsaye, amma duk wanda ya ja da kai za ka nuna masa wuri biyu da yatsa ya yi shiru. Irin wannan cirowar ake nema. Da na faɗa wa yaron sai yace "au, wannan ai mun yi shi a darasin fiƙhu", nace to ka gani, ka bar shi a can ka shigo jarabawa da kunnen tsakar gida.

Saura alif, kuma a nan zan faɗi inda dabarar tawa take da iyaka don kar wani ya haddace ta kamar karatun allo. In ka ƙaryata alif nassin zai karye shi ma, dole, tunda jimlar ce sukutum aka kwafo. Abin da ya kayar da ita a tambayata shi ne an ce a ciro, ita kuwa a kwance take a fili, ga kuma zaɓi na biyu a gefe wanda ya cika sharaɗi. Amma na sha ganin tambayoyin gwaji da aka ce "yufhamu" alhali amsar maimaicin jimla ce da wasu kalmomi, sauran ukun duk sun yi nisa. A irin wannan ka ɗauki maimaicin ka wuce, kar ka ce ya yi sauƙi da yawa ka tafi neman mai zurfi. Wanda ya tsaya kusa da nassi ya fi wanda ya yi tsalle tsira. Kuma wasu littattafan shirin jarabawa da ake sayarwa, da takardun da yara ke turawa juna a waya, amsoshinsu ma kansu akwai kuskure, na taɓa zama da wata tambaya kusan rabin awa ina neman inda amsar da suka bayar ta fito, babu ita babu dalilinta, ra'ayin wanda ya tara takardar ne kawai.

Kar kuma a ce na ce a toshe kunnen habaici gaba ɗaya. Akwai tambayar da ake cewa mene ne matsayin marubuci, yana goyon baya ne ko yana suka ko yana shakka. A nan yaranmu sun fi kowa, don suna jin nauyin 'yan ƙananan kalmomi. Bahaushe ya san bambancin "ya zo" da "wai ya zo" da "har ya zo". Larabci ma haka, "za'ama" ba ɗaya take da "ƙala" ba, wanda ya rubuta za'ama ya nuna maka bai gamsu da zancen ba, kuma abin da ya biyo bayan "illa anna" ko "lakin", wato sai dai ko amma, yawanci nan zuciyar marubucin take. Sai dai ko a nan ɗin akwai kalmar da za ka ɗora wa yatsa.

Da muka gama na ƙara musu nassi uku, yaron ya ci biyu, na ukun ya sake tsalle amma kafin in buɗe baki ya ce "tsaya Kawu, ba inda zan sa yatsa" ya goge da kansa. Muna cikin haka Yaya ta leƙo daga kicin tace "shayin nan dai tun ɗazu yake kan tire." Ya kalle ni yana dariya yace Kawu wannan fa, bayani take mana a kan shayi ko korarmu take? Nace ƙaryata ka gani. Bai tsaya ƙaryatawa ba, ya tashi ya ɗauko tiren.