Yaro ya gama firamare, ku daina habaici a ƙarƙashin hotonsa

Jiya da daddare na buɗe waya na ci karo da hoton wata yarinya da na koyar a aji huɗu. Ta sa rigar yaye ɗalibai, tana riƙe da takardar kammala firamare, sai murmushi take yi har kunne. Wallahi raina ya yi fari. Sai na sauke ido kan abin da mahaifiyarta ta rubuta a ƙasa: "Ta ɗaya tun daga aji ɗaya har aji shida. Mahassada sai ku mutu. Masu cewa ba za mu kai ba, ga shi mun kai. Likita ce in sha Allahu, ko ana so ko ba a so." Nan take murnata ta koma ciki.

'Yan uwana iyaye, ku sake karanta rubutun nan a tsanake. Jimla huɗu ce, kuma babu ko ɗaya da aka yi wa yarinyar magana a ciki. Ba a ce mata barka ba. Ba a sa mata albarka ba. Babu alhamdulillahi, babu malami, babu kowa sai maƙiya. Yarinya ta yi shekara shida tana tashi da sassafe, tana ɗaukar jaka, tana haddace jadawalin lissafi, ranar da ya kamata a ce tata ce sai aka mayar da ita sandar dukan wata. Wa ake nufi da mahassada? Ni ban sani ba, amma na tabbata wadda aka yi dominta ta gane, ko dangin miji ce, ko maƙwabciya, ko tsohuwar ƙawa. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yarinyar ta iya karatu. Mu muka koya mata. Za ta karɓi wayar ta karanta, ta gane cewa nasararta makami ce, kuma akwai waɗanda ake so su ji zafinta.

Ba ita kaɗai ba ce. A 'yan kwanakin nan na ga uban da ya rubuta "Jini ba ya ƙarya, kwakwalwar gidanmu ce," kamar sauran yaran ajin ba su da jini a jikinsu. Na ga wanda ya ce "Ba irin makarantar kowa da kowa muka sa shi ba." Na ga wadda ta rubuta "Ni kaɗai na sha wahalarsa, yau ga sakamako," alhali uban yana raye kuma yaron zai gani. Ko da gaskiya ce ita kaɗai ta sha wahalar, kuma na san akwai matan da haka ta same su, Allah ya saka musu, ƙarƙashin hoton ɗanta a ranar farin cikinsa ba wurin shari'a ba ne. Magana zarar bunu ce. Gorin da kika rubuta yau, wata ta riga ta ɗauki hotonsa ta ajiye, kuma tana jira.

Kada wani ya ce na hana murna. Ina! Yaron da ya shiga makaranta bai iya riƙe fensir ba, ya fito yana karanta wasiƙa yana raba lissafi, dole zuciyar iyayensa ta cika. Faɗin ni'ima ba laifi ba ne. Amma akwai bambanci tsakanin mai cewa Allah ya yi mana da mai cewa mun fi ku. Mun taso muna jin labarin mai gonaki biyu a cikin Suratul Kahfi, wanda ya dubi abokinsa ya ce ya fi shi dukiya da jama'a, abokin ya tuna masa da ma ya ce Ma sha Allah lokacin da ya shiga gonar. Mun san yadda gonar ta ƙare. To ga shi yau ana rubuta Ma sha Allah ɗin, amma an mayar da ita ado, sai a liƙa ta a farkon layi a bi ta da baƙar magana. Haka ma in sha Allahu. Ta yaya mutum zai ce in Allah ya so, sannan ya ƙara da ko ana so ko ba a so?

Bari in faɗa muku abin da ke cikin wannan "ta ɗaya" da ake ta kirari da ita, don na sha zama ina haɗa sakamako a ƙarshen zango. Ana tara makin yaro na kowane darasi, a jera daga babba zuwa ƙarami. Shi ke nan. Sau da yawa abin da ke raba na ɗaya da na huɗu bai wuce 'yan maki ba, irin wanda zazzaɓin kwana biyu a makon jarrabawa kan cinye. Kuma na ɗaya a ajin yara 15 ba daidai yake da na ɗaya a ajin yara 70 ba. Na koyar da yaron da bai taɓa shiga goman farko ba, amma ya zo mana ba ya iya haɗa baƙi da wasali, ya bar mu yana rubuta labari shafi guda. A wurina tafiyar da ya yi ta fi ta wasu na ɗayan tsawo. Uwarsa ma tana da waya, kuma tana ganin abin da kuke rubutawa. Ita me za ta sa a ƙarƙashin hoton nata ɗan?

Sannan ku dubi abin da ke gaba. A firamare yawanci malami ɗaya ne ke riƙe da aji, ya san yaro ciki da waje, ya san ranar da bai da lafiya, ya san inda yake tuntuɓe. A sakandare kowane darasi da malaminsa, darussan sun ƙaru, malami ya shigo ya yi nasa ya fita. Kuma ajin farko na sakandare matattara ce: na ɗaya daga wannan makaranta, ta ɗaya daga waccan, duk a ɗaki guda. Mutum biyar da suka saba zuwa na ɗaya, dole huɗu su sauka. Gaba da gabanta. Yarinyar da aka shelanta wa duniya cewa ba ta taɓa zuwa ta biyu ba, ranar da ta zo ta tara me za ta yi? Na san abin da suke yi, don tsofaffin ɗalibaina kan dawo su gaya min. Wata ta ɓoye takardar sakamako a ƙasan jaka har hutu ya ƙare. Wani ya daina ɗaga hannu a aji don kada ya yi kuskure a gani. Wani kuma ya fara leƙen takardar na kusa da shi, yaron da a wurina ko kallon gefe ba ya yi. Ba darasi suke tsoro ba, tsoron kada mahassadan da aka ambata su yi dariya suke yi. Mu muka ɗora musu wannan kaya.

Haka batun likita. Yarinya 'yar shekara 11 ko 12, tana da kusan shekara shida na sakandare a gabanta kafin ma a fara zancen jami'a, an riga an rataya mata suna a bainar jama'a. Wa ya tambaye ta? Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, kuma in ganga ta cika zaƙi ta kusa fashewa. Fata na gari daban, yanke wa yaro hukunci daban. Ka roƙa masa ilimi mai amfani, da abokai na gari, da malamai masu tausayi, waɗannan su ne abin da zai buƙata a watan farko. Sauran Allah ya san inda ya ajiye rabonsa.

Af, kafin in manta, masu ɗaukar hoton takardar sakamako gaba ɗaya su watsa, da cikakken sunan yaro, da ranar haihuwarsa, da tambarin makaranta, har a ƙara da sunan sabuwar makarantar da zai shiga: ku ji tsoron Allah. Kun ba baƙon da ba ku sani ba duk abin da zai kira yaron da shi a bakin ƙofa. Ga kuma masu cin bashi don bikin da ya fi ƙarfinsu saboda hoto ya yi kyau, sai lokacin sayen littattafan sakandare ya zo a fara kame-kame. Duk tushensu ɗaya, a gani a faɗa.

Wata ƙawata da na nuna wa rubutun ta ce, "To Malama, me kike so a rubuta?" Na ce mata ni ba ni da wani tsari. Ki yi wa ɗanki magana kawai, kamar yana tsaye a gabanki. Da ni ce uwar yarinyar nan, da abin da zan sa bai wuce haka ba: "Alhamdulillahi, yau kin gama firamare. Na ga yadda kika dage da lissafi har ya zauna miki. Allah ya saka wa malamanki, ya yi miki albarka, ya sa sakandare ta zo miki da sauƙi, ke da 'yan ajinku baki ɗaya." Ai akwai alfahari a ciki, kowa ya karanta ya san uwa ce ke ji da 'yarta. Amma abin da aka yaba abu ne da yarinyar za ta iya maimaitawa ko ta zo ta tara, kuma uwar yaron da ya zo na talatin za ta iya cewa amin da zuciya ɗaya.

Abin da ke ba ni baƙin ciki shi ne mun san wannan a da. Ranar da na kai wa mahaifina takardar gama firamare, ya karanta ta a hankali, ya ce madalla, Allah ya yi albarka, sannan ya tambaye ni ko na je na yi wa malaminmu godiya. Daga baya na ji a bakin wasu irin daɗin da ya ji, amma a gabana bai ƙara ko kalma ba. A lokacin in yaro ya ci jarrabawa, maƙwabta kan ce ɗanmu ya ci, don ɗa na kowa ne, kuma uwa kan ji nauyin yabon ɗanta a cikin mutane. Ban ce a koma ga wannan kawaicin gaba ɗaya ba, yara na bukatar su ji daga bakinmu cewa sun yi ƙoƙari. Amma ina kunyar nan ta tafi? Yaushe muka koma mutanen da ba sa jin daɗin alheri sai sun tabbata ya soki wani?

Yau da safe na sake dubawa. Rubutun yana nan, mutane sun cika ƙasansa da "sai haƙuri mahassada," ƙalilan ne suka yi wa yarinyar addu'a. Na rubuta mata tawa, na kira sunanta, na ce malamarta ta aji huɗu tana tuna yadda take taimaka wa ta kusa da ita karatu. Saura 'yan makonni ta shiga sabon aji, cikin yaran da ba su san ta ba.