Farin rubutu ba ya samo aiki

Makon jiya ɗan yayata ya kawo mini wasiƙar neman aiki da aka buga masa a wani shagon kwamfuta nan Yamai, a kan jika biyu. Wata ƙungiya ce ke neman mai bibiyar ayyukanta a jihar Tawa. Ya ce, "Kawu, an sa mini sirri a ciki." Da na danna Ctrl+A sai ga sirrin ya fito fili: an kwafo sanarwar aikin gaba ɗaya, an liƙa a ƙasan wasiƙar da ƙananan haruffa, an mayar da su farare don ido kada ya gani. Wai haka ake yaudarar manhajar tace masu neman aiki. Dabarar nan ta bazu a fadodin matasa, kuma masu sayar da ita cutar yaranmu kawai suke yi.

Manhajojin nan irin su Workday da Taleo, da ake ce wa ATS, ba launi suke dubawa ba. Zare rubutun suke yi daga takarda su ajiye shi tsirara. To abin da ka ɓoye da fari, ma'aikaciyar ɗaukar aiki na iya ganin sa ɓaro-ɓaro a allonta, sanarwar da ita ta rubuta da hannunta tana zaune ƙarƙashin sa hannunka. Me kake so ta ɗauke ka? Kuma akasari ba manhajar ce ke yanke hukunci ba. Mutum ne ke buga kalmar da yake nema, takardun da ke ɗauke da ita su fito, sannan ya karanta. Ka wuce injin da wayo, ka faɗi hannun mai karatu.

Abin haushin shi ne yaron ya cancanci aikin. Sanarwar ta nemi "suivi-évaluation", wato bibiya da tantance ayyuka, ta maimaita shi har sau huɗu, ta nemi KoboCollect da Excel da jin Hausa. Shi kuwa ya yi wata shida yana zagaya ƙauyukan Buza da waya a hannu, da wannan KoboCollect ɗin yake cike bayanan gidaje. Amma me aka rubuta masa? Cewa shi matashi ne mai kuzari, mai son aiki, mai jure wahala. Duk wanda ya fito jami'ar Abdu Mumuni haka wasiƙarsa ke cewa.

Muka share farin rubutun, muka ɗauki biro muka ja layi ƙarƙashin sunan muƙamin, da sunayen kayan aiki, da duk kalmar da aka maimaita. Kalma shida muka samu, biyar ya taɓa yin aikinsu. Ta shida, tsara kasafin kuɗi, bai taɓa yi ba, muka bar ta, domin ranar ganawa za a tambaye shi, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Sauran kowace muka sa ta cikin jimla mai ɗauke da abin da ya yi, da inda ya yi, da yawansa. Ɗaya ta zama: "J'ai collecté les données de 300 ménages à Bouza avec KoboCollect pour le suivi-évaluation du projet." Injin ya samu kalmominsa, mai karatu ya samu hujja. Kalmar kuma a rubuta ta yadda sanarwa ta rubuta. In sun ce MEAL, taƙaitaccen sunan irin wannan aikin da Ingilishi, kai ka ce "suivi-évaluation" kaɗai, mai binciken MEAL na iya tsallake ka, don haka ka kawo duka biyun sau ɗaya. Waɗannan kalmomi su shiga CV ma, domin sau da yawa shi ake fara zarewa.

Akwai wata ɓarnar da masu shagunan ba sa faɗa. Su buga wasiƙa a takarda, ka sa hannu, su ɗauki hotonta su ba ka PDF. Wannan hoto ne, manhaja da yawa ba sa ganin ko harafi ɗaya a ciki. Gwajin ba wuya: buɗe takardar, danna Ctrl+F, nemi sunanka. In bai fito ba, koma Word ka fitar da PDF daga can.

Na san masu cewa duk wannan wahalar banza ce, aiki a ƙasar nan sai da hanya. Mai hanya ba ya karanta sharhina, da marar hanya nake magana. Gaskiya ne ma'aikatu da yawa a Yamai har yau ambulan suke karɓa, babu wani inji. Amma wanda ke gaban tulin takardu ɗari biyu da sanarwa a gefensa, idonsa ma waɗannan kalmomin yake farauta.

Hukumar samar da aikin yi ta ANPE da jami'o'inmu ya kamata su riƙa zaunar da ɗalibai da sanarwar aiki ta gaske da biro kafin su fita. Ɗan yayata dai ya tura tasa ranar Alhamis, jika biyunsa kuma mai shago ya ce ba a mayarwa.