Ba kowane sharaɗin bayan rasit kotu ke karɓa ba

"Tunda an rubuta a bayan rasit cewa kamfani ba ya ɗaukar alhakin kayan da suka ɓata, ai magana ta ƙare," in ji wani mai sharhi.

Malam, da sauran magana. Abin da alƙali ke fara tambaya shi ne: yaushe aka nuna wa mutum sharaɗin? A shari'ar Olley da otal ɗin Marlborough Court a Ingila, shekarar 1949, mata da miji sun biya kuɗin ɗaki a wajen karɓar baƙi, sai da suka shiga ɗakin suka ga sanarwar cewa otal ba ruwansa da kayan da aka sace. Wani ya ɗauki makullinsu ya kwashe kayan matar. Kotu ta ce an riga an ƙulla yarjejeniya tun wajen biyan kuɗi, don haka sanarwar ta makara, otal ya biya. Kuma gwargwadon tsananin sharaɗi, gwargwadon yadda za a fito da shi fili. A shari'ar Thornton ta 1971, alƙalin Ingila Lord Denning ya ce irin wannan sharaɗi mai tsanani sai an buga shi da jan tawada. In lafazin na da harshen damo, a kan wanda ya rubuta shi ake fassara shi.

Inda gizo ke saƙa shi ne sa hannu. Tun shari'ar L'Estrange ta 1934, wanda ya rattaba hannu ya ɗaure kansa ko bai karanta ba, sai fa in an yaudare shi game da abin da takardar ta ƙunsa. 'Yan kasuwarmu masu sa hannu a takardar dakon kaya cikin gaggawa, nan suke shiga uku, domin kotunan Najeriya ma wannan ƙa'ida suke bi.