Harsashin da aka gusar da ginshiƙinsa ya tashi daga wanda aka lissafa

Abin da na tarar jiya a wurin wani gini kuskure ne babba, kuma ba zan sassauta kalmar ba don ɗan kwangilar ya ji daɗi. Zane ya nuna ginshiƙi a tsakiyar harsashi, amma da katangar maƙwabci ta tare musu wuri, sai suka bar ramin inda ya samu shiga, suka gusar da ginshiƙin rabin mita zuwa gefe, suka zuba kankare. Da na sa tef na auna a gabansa, amsar da ya ba ni ita ce: "Ranka ya daɗe, ai mun ƙara rodi."

Rodi yana hana kankare karyewa, amma bai taɓa ƙara wa ƙasa ƙarfi ba, kuma ƙasa ce ke ɗauke da ginin. Harsashin mita 2 ne a kowane gefe, nauyin da ginshiƙin ke saukewa kilonutan 480, wato matsin kilofaskal 120 a kan ƙasa idan nauyin ya sauka a tsakiya, a kan ƙasar da gwaji ya ba ta iyakar 150. Da zarar nauyi ya kauce wa tsakiya da tazarar e, matsin ya daina zama ɗaya a ko'ina, gefen da ginshiƙin ya matsa yana danne ƙasa, ɗaya gefen kuma yana sakinta:

```
q = P/(B×L) × (1 ± 6e/B)
```

A nan q shi ne matsin, P nauyin, B faɗin harsashi, L kuma tsawonsa. Ku sa santimita 10 kacal a matsayin e a wannan lissafi, za ku ga gefen ya kai 156, ya riga ya haura iyaka. Idan kaucewar ta kai kashi ɗaya cikin shida na faɗin, wato kusan santimita 33 a nan, gefe ɗaya zai ɗauki 240, ɗayan kuma sifili. Daga nan ne ƙa'idar sulusin tsakiya ta fito: a raba faɗin harsashi gida uku, a tabbatar jimillar nauyi ta faɗa cikin kason tsakiya. Abin da ƙa'idar ta lamunta shi ne duk gindin harsashin zai zauna a kan ƙasa. Ba ta ce ƙasar za ta iya ɗauka ba, kuma na ga masu takardar shaida suna haɗa waɗannan biyun.

To, su sun wuce sulusin ma gaba ɗaya. Ƙasa ba ta riƙe kankare idan ya nemi ɗagawa, saboda haka a kaucewar rabin mita wancan lissafin ya daina aiki. Tsawon da ke taɓa ƙasa ya koma sau uku na tazarar da ke tsakanin nauyin da bakin harsashi mafi kusa, wato mita 1.5, ragowar rabin mitan kuma kankare ne da ba ya tallafar komai. Matsi a bakin ya zama kilofaskal 320, fiye da ninki biyu na abin da ƙasar ta yarda da shi. Na bar nauyin harsashin kansa a gefe don sauƙaƙa lissafi. Yana ɗan jawo nauyin zuwa tsakiya, amma ba zai cike wannan giɓi ba.

Wanda ya fi son hanyar da injiniya Meyerhof ya fitar a 1953 zai iso wuri ɗaya. Faɗin da ke aiki shi ne B − 2e, a nan mita 2 a cire mita 1, saura mita 1. Mai gida ya biya kuɗin harsashin mita 2, ƙasa kuwa na mita 1 ta sani, kuma da wannan siririn faɗin ne za a sake lissafa ƙarfinta.

Wasu sun ce mini shekara da shekaru ana yin haka gini bai faɗi ba. Irin wannan harsashi ba lallai ne ya rushe rana ɗaya ba, karkata yake yi a hankali. Sai a ga tsaga ta hau bango a karkace daga kusurwar taga, ƙofar da ke kusa da ginshiƙin ta fara cijewa, a kira kafinta ya fere ta, bayan damina ta sake cijewa. Ana ɗora laifin a kan siminti, alhali ciwon yana ƙarƙashin ƙasa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne gyaran sananne ne tun kafin a zuba kankare. Ginshiƙin da ke kan iyaka ana ɗaure harsashinsa da na ginshiƙin ciki da kakkauran bim, nauyin na cikin ya hana shi juyawa, ko kuma a haɗa su biyun a kan harsashi guda wanda tsakiyarsa ta dace da jimillar nauyinsu. Yanzu kuwa sai an tone, an tokare, sannan a yi abin da kiran waya ɗaya zai warware tun farko.

Masu kafa hasumiyar tankin ruwa su ma su duba nasu. Ƙafafun suna nan a tsakiya, amma iska tana tura tankin daga sama, kaucewar kuma ƙarfin juyawar ne a raba da nauyi. Ranar da tankin ya zama fanko nauyin ya fi ƙanƙanta, ranar ce kaucewar ta fi girma, kuma galibin lissafin da ake kawo mini na cikakken tanki ne kawai.