Ka aika tayin aiki an yi maka shiru? Ga lokacin tuni, ga kuma lafazinsa

'Yan uwana matasa, musamman ku masu aika wa ƙungiyoyi da kamfanoni takardar tayin aiki ta imel daga Birnin Kebbi, Argungu ko Jega, akwai wata ɗabi'a da ke lalata mana ciniki. Mutum zai aika tayi yau, gobe ya rubuta "ina fatan an ga saƙona", jibi ya kira waya, gata ya bi da muryar WhatsApp mai minti huɗu. Wani kuma akasin haka yake yi: ya aika sau ɗaya, ya naɗe hannu wata uku, ya ce ai an raina shi. Dukansu biyu sun manta cewa wanda aka aika wa yana da tarin aiki a gabansa, kuma sau da yawa ba shi kaɗai ke yanke shawara ba.

Kafin ka zargi kowa, fara tabbatar da cewa saƙon ya tafi. Buɗe Sent ka karanta adireshin harafi bayan harafi. Duba ko wani saƙo ya dawo maka daga Mail Delivery Subsystem, domin in ya dawo, tayinka bai isa ba. Leƙa Spam ɗinka, wataƙila amsar tana can kwance. Sannan ka lura da nauyin abin da ka liƙa. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce 25 MB, sai ya mayar da shi mahaɗin Google Drive, in kuwa ba ka buɗe izinin gani ba, mutumin zai danna ya tarar da ƙofa a rufe, kuma ba kowa ne zai tsaya roƙonka mabuɗi ba.

To, a ce komai ya isa lafiya. Mu ɗauki misalin matashi mai haɗa famfon ban ruwa na sola, wanda ya aika wa wata ƙungiyar tallafa wa manoma tayin kafa famfo ashirin a fadamar Argungu don noman rani. Ya aika ranar Alhamis da la'asar. Yaushe zai yi tuni?

Ranakun aiki ake ƙirgawa, ba na kalanda ba. Juma'a ɗaya, Litinin biyu, a haka har Alhamis ta zagayo, kwana biyar ke nan. Ƙasa da haka gaggawa ce, domin tayi mai kuɗi a ciki sai ya bi ta hannun jami'in shirin, ya je ga akanta, ya jira sa hannun shugaba. Juma'a kuwa, a wajenmu, da an tashi masallaci rabin ofis ya watse. Litinin akwatin kowa cike yake, ga taron farkon mako. Ni a ganina ya bari sai Talata, tsakanin ƙarfe tara da goma na safe. In da dare ya samu natsuwar rubutu, ya rubuta, amma ya yi amfani da Schedule send ya saita safiyar. Saƙon ƙarfe ɗayan dare kafin gari ya waye wasu sun danne shi.

Wannan lissafin yana da abubuwan da ke rushe shi. In sun ce "za mu sanar a ƙarshen wata", to babu tuni sai watan ya ƙare, ka ƙara kwana biyu na aiki a kai. In hutun Sallah ya ratsa, ko makonnin ƙarshen Disamba da ofisoshi da yawa ke rufewa, cire waɗannan ranakun daga ƙidaya. In kuma gasar neman kwangila ce wadda aka sa ranar buɗe takardu, kada ka bi jami'i da saƙon gefe, domin ana iya ɗaukarsa a matsayin neman alfarma. Ka yi tambayarka ta hanyar da sanarwar ta tanada.

Yanzu lafazi, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Kada ka buɗe sabon imel. Koma kan wanda ka aika ka danna Reply, don tsohon bayanin ya zauna a ƙasa. Amma ka sani, Reply ba ya sake ɗauko takardar da ka liƙa, saboda haka sake liƙa PDF ɗin. Ga yadda mai solar nan zai rubuta, in ofishin da Turanci suke aiki ya juya shi a kan wannan tsarin:

"Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki. Ina tuni ne kan tayin kafa famfon sola ashirin a fadamar Argungu da na aiko ranar Alhamis, 6 ga wata. Na sake liƙa shi a nan. Aikin yana ɗaukar mako uku, don haka in ana son manoma su same shi kafin dashen shinkafar rani, sai mun fara a farkon wata mai zuwa. Shin tayin yana hannunki ne, ko akwai wanda ya dace in tuntuɓa? Na gode."

Ku duba abin da ke ciki. Ya faɗi wane tayi ne da ranar aika shi, Hajiya ba sai ta yi bincike ba. Ya kawo dalilin lokaci na gaskiya, wato dashen shinkafa, abin da ya dame su su ma. Ya yi tambaya guda wadda za a iya amsa ta da layi ɗaya daga waya. Gaisuwa kuma layi ɗaya ce. Na san a tarbiyyarmu sai an tambayi gida da iyali da gajiya, amma wannan na zaure ne. A waya, layin farko ake gani kafin a buɗe saƙo.

Ku duba kuma abin da babu. Babu "har yanzu ban ji daga gare ku ba", wanda ƙorafi ne da ke sa mutum jin nauyi, mai jin nauyi kuwa ƙara ɓuya yake yi. Babu "ku taimaka min don Allah, ina cikin wani hali", domin ka zo da sana'a ne, da zarar ka koma roƙo za a fara shakkar aikin. Babu rage farashi tun ba a taya ba. Kuma babu wa'adin ƙarya. In farashin faranti da famfo na iya motsawa saboda canjin dala, faɗi ranar da farashinka zai daina aiki, ka kuma tsaya a kanta. Haka nan kada ka saka shugabanta a Cc don ka matsa mata. Za ka samu amsa, amma ka rasa mutum.

In mako biyu sun sake wucewa shiru, ka yi tuni na biyu, kuma ka zo da sabon abu: hoton wani famfo da ka kafa, ko shawarar a fara da biyar a gwada. A wannan matakin kiran waya ɗaya a lokacin aiki ba laifi ba ne, in su suka ba ka lambar. Bayan kiran ka rubuta abin da kuka tsayar a imel ɗin nan dai.

Na uku shi ne na rufewa, bayan wasu mako biyu ko uku. Gajere ne: "Hajiya, ganin lokacin dashe ya matso, zan ɗauka ba za a yi aikin a bana ba, zan kuma saki kayan da na tanada. In shirin ya taso a rani mai zuwa, sai in aiko da sabon farashi." Daga nan ka daina aikawa. Rubuta sunan ƙungiyar da ranar a littafinka, ka sake tuntuɓarsu wajen Satumba, lokacin da ake fara shirin rani, da sabon tayi da farashin lokacin.