Hayaƙin da ke Tashi Bayan Panteka

Duk wanda ya saba bin hanyar Dei-Dei ta Abuja da yamma ya san baƙin hayaƙin nan da ke tashi daga bayan rumfunan 'yan gwangwan. Waya ake ƙonawa, don robar ta narke a ciro jan ƙarfen da ke ciki. Ba na ganin laifin mai neman abinci a bola, amma wannan hanya cuta ce, kuma ko ta fuskar kuɗi asara ce.

Robar da ke lulluɓe da yawancin wayoyin lantarki ita ake kira PVC, kuma sinadarin kilorin ne ya fi yawa a asalinta. Da wuta ta kama ta, sai ta saki iskar da ke zama asid da zarar ta taɓa danshin ido ko maƙogwaro. Shi ya sa yaran da ke ƙona wayar ke hawaye da tari. Wannan ma mai sauƙi ne, tunda ana jin sa a gusa. Wanda ba a ji shi ne dayoksin, gubar da ke haɗuwa idan kilorin ya ƙone a wuta mai cin hayaƙi, kuma jan ƙarfen da kansa yana taimaka mata ta haɗu. Tana sauka a ƙasa, kaji da awaki su tsinta, ta maƙale a kitse da ƙwai shekara da shekaru, tana iya jawo ciwon daji. Tsofaffin wayoyi kuma akwai dalma a robarsu, wadda ke zama a toka. Mun dai ga abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010.

Ɗauki kilo 10 na wayar gida mai kauri. Idan aka tsaga robar da wuƙa aka zare, za a samu wajen kilo 7 na jan ƙarfe mai ƙyalli, wanda dillali ke saye a farashin lamba ɗaya. Idan aka ƙona, ya fito baƙi, yana ɓarɓashi, nauyi ya ragu, dillali kuma ya karya farashi. Koren harshen wutar nan da yara ke sha'awa, ai jan ƙarfensu ne ke bin iska.

Inda gizo ke saƙar shi ne siraran wayoyi, irin na caja da na cikin kwamfuta. Wuƙa ba ta yi musu, wuni guda ba ya cika kwano. Su ne suka fi kai mutum ga ashana. Maganinsu injin da ke niƙa waya ya ware ƙarfe daga roba, kuma ya fi ƙarfin aljihun yaro mai buhu. Kora ba za ta kashe wutar ba, sai dai ta mayar da ita bayan gari cikin dare. Ƙungiyoyin panteka da manyan dillalai su haɗa kuɗi su girka injin, su riƙa sayen wayar da robarta a kan sikeli, hukumar kare muhalli ta NESREA kuma ta bi dillalin da ke karɓar ƙonanne.