Kun taka birki, mun gode, amma ku buɗe baki ku yi wa fasinja bayani mana

Wallahi abin da kamfanonin jiragen nan suke yi wa fasinja idan jirgi ya fasa tashi ya ishe ni. Jirgi ya ɗauki gudu a kan titinsa, inji na ruri, kowa ya jingina da kujera yana addu'a, kawai sai ka ji an taka birki kamar za a fizge maka wuya, jakunkuna na ƙara a sama, yara na kuka, Hajiya na salati, jirgi ya tsaya cak. To daga nan fa? Shiru. Sai can wata murya ta ce wai an samu 'yar matsala a yi haƙuri, shi ke nan bayanin. Haka aka yi mana kwanan baya, aka zube mu a ɗakin jira tun hantsi har bayan la'asar babu ruwa babu mai kallon ka, wanda ke kan kanta kuma duk tambayar da ka yi masa sai ya ce "Alhaji ni ma ban sani ba". To wa ya sani? Ni na daɗe ina aikin tayoyi da birkin jirgi, na san abin da ya faru tun muna ciki, amma sauran mutanen fa? Kun bar su suna ta zagin matuƙin da ya yi aikinsa daidai, wani ma cewa yake yi ai da ya daure ya tashi kawai, wani kuma na rantsuwa wai yaron bai iya tuƙi ba.

Tunda ku ba za ku faɗa ba bari ni in faɗa.

Kafin jirgi ya bar inda ake hawa, matuƙa biyun nan sun riga sun lissafa wasu lambobi na gudu, kuma biyu daga ciki su ne maganar duka, V1 da VR. Ana auna gudun da not, not ɗaya kusan kilomita 1.85 ne a awa. V1 shi ne iyakar shawara. Kafin jirgi ya kai wannan gudun, idan wani abu babba ya faru, akwai sauran titin da zai ishe shi ya tsaya. Da zarar ya wuce shi, to babu tabbas ɗin tsayawa kuma, amma akwai tabbas ɗin cewa ko inji ɗaya ya mutu, ɗayan zai iya ƙarasa gudun ya ɗaga jirgin ya wuce ƙarshen titin da tsayin ƙafa 35 idan titin busasshe ne. Kuma jama'a ku gane, ba a V1 ake fara tunani ba, kuskuren da mutane da yawa ke yi ke nan saboda kalmar shawara da ake laƙaba masa ta ruɗe su. A V1 dole ne a ce matuƙi ya riga ya fara aikin tsayawa, hannu ya riga ya motsa. Shi ya sa kyaftin yake ɗora hannunsa a kan sandunan ƙarfin inji tun farkon gudu, da ya ji an kira V1 sai ya ɗauke hannun gaba ɗaya, don kada firgici ya sa ya ja su baya a lokacin da bai kamata ba.

VR kuma shi ne gudun da matuƙi ke fara jan sitiyari don hancin jirgi ya ɗaga. Ba fizga ake yi ba, a hankali ne, digiri 2 zuwa 3 a kowane sakan, don idan ka yi gaggawa wutsiya ce za ta goge titi, Boeing 737-800 da yake dogo ne wajen digiri 11 kawai wutsiyarsa za ta taɓa ƙasa idan tayoyi ba su bar titi ba tukuna. V1 ba ya taɓa wuce VR, ko dai ya zo kafinsa ko su zama ɗaya, wanda hakan na yawan faruwa idan titi dogo ne kuma jirgi ba shi da nauyi sosai. Lambobin nan kuma ba a haddace su, kullum sabon lissafi ne, ya danganta da nauyin jirgi, tsawon titi, iska, ruwan sama, da zafi. Ranar da ake zafin digiri 40 a Kano ko Sakkwato iska ta yi sako-sako, inji ba ya ja kamar da asuba, fuffuke ma ba sa kamawa da wuri, jirgi sai ya ci titi da yawa kafin ya kai gudun da ake so. Abin da ke sa wani lokaci su bar kaya a baya ke nan, shi ma ba sa yi wa kowa bayani, sai dai ka isa ka tarar jakarka ba ta zo ba.

A ce 737 ne cike da mutane, lissafi ya ba da V1 140, VR 143. Not 140 wajen kilomita 260 ne a awa, wato mita 72 a kowane sakan ɗaya. Idan matuƙi ya yi jinkirin sakan uku yana tunanin in tsaya ko in tafi, ya cinye sama da mita 200, tsawon filin ƙwallo biyu, kuma gudun ƙaruwa yake ta yi a cikin sakan ukun nan ba raguwa ba. To kai mai cewa da ya tsaya ya yi tunani, a ina zai samu lokacin?

Saboda haka ne aka raba gudun kashi biyu. A jiragen Boeing akwai kira a not 80, a Airbus kuma a not 100. Ƙasa da wannan, abu kaɗan ma zai iya sa a fasa, fitilar gargaɗi ta kunna, taya ta fashe, wata ƙara da ba a gane ba, jirgi ya ƙi ɗaukar gudu yadda ya saba, duk a tsaya a duba tunda tsayawar ba ta da haɗari. Sama da wannan kuwa ƙofa ta ƙuntata, sai wuta, ko inji ya mutu, ko gargaɗin muguwar juyawar iska a gaba, ko kyaftin ya tabbata jirgin nan ba zai iya tashi lafiya ba. Namu an tsayar da shi yana cikin babban gudu bayan wata ƙara daga injin dama, ni dai na ji ta sarai, kuma duk wanda ya ga yadda tsuntsaye ke yawo a bakin titin da damina ba sai an gaya masa abin da ake zargi ba. Amma zargi ne nawa, ku ne kuke da takardar injiniya a hannu, me zai hana ku fito ku ce ga abin da aka gani?

Shi kansa aikin tsayawar ba wasa ba ne. Kyaftin ya ja sandunan inji baya gaba ɗaya, birki mai sarrafa kansa ya kama da dukkan ƙarfinsa, a 737 an riga an murɗa maɓallinsa zuwa RTO, wato matsayin fasa tashi, tun kafin a shiga titi kuma yana kamawa ne idan gudu ya wuce not 90, faifayen da ke saman fuffuke su miƙe tsaye don su kashe ɗagawa su danna nauyin jirgin a kan tayoyi, in ba haka ba birkin banza ne, sannan a sa ribas na inji. Mataimaki yana kiran kowane mataki yana sanar da hasumiya. Duk wannan cikin 'yan sakan. Jijjigar da kuka ji kamar jirgi zai rabe, birki ne yake kamawa yana saki don kada taya ta kulle ta ja a ƙasa, ba lalacewa ba ce.

Ga kuma inda raina ya fi ɓaci, don nan ne fannina. Mutane suna ta ihu wai tunda an tsaya lafiya me ya hana a juya a sake gwadawa, ma'aikata kuma sun yi tsuru-tsuru babu wanda ya iya amsa. Duk gudun nan da aka kashe zafi ya koma, kuma cikin birki ya shiga. Zafin ba ya tafiya daidai da gudu, idan ka ninka gudu sau biyu zafin sau huɗu yake ninkawa, tsayawa daga not 120 ta ninka tsayawa daga 60 har sau huɗu. Birki kan yi ɗaruruwan digiri, wani lokaci har ja yake yi, kuma zafin bai gama hawa ba sai bayan an tsaya da wasu mintoci, lokacin da yake ratsawa cikin ƙarfen taya. Shi ya sa aka sa wasu 'yan toshe a jikin ƙarfen da ke narkewa idan zafi ya yi yawa, su saki iskar a hankali maimakon taya ta fashe. Idan ka leƙa ta taga ka ga tayoyi sun kwanta bayan an tsaya, dabarar ce ta yi aiki. Motar kashe gobara da kuka ga ta zo ta tsaya kusa da mu ita ma ƙa'ida ce, kuma in kun lura ba sa tunkarar taya ta gefe, ta gaba ko ta baya suke bi, don idan ta fashe ta gefe ƙarfe ke fita. Sai birki ya huce bisa jadawalin kamfanin da ya ƙera jirgin, injiniya ya duba, a canza abin canzawa, ga kuma injin da ya jawo maganar tun farko. To wannan jinkirin na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar tsohuwa mai ciwon suga a kan benci babu ko ruwan leda, kuma a hana ta sanin ko yau za ta tafi ko gobe.

Masu cewa ai tsayawa kullum ta fi tashi, ku ma ku saurara. A ranar 13 ga Yuni 1996 wani jirgi DC-10 mai inji uku na kamfanin Garuda na Indonesiya a Fukuoka ta ƙasar Japan injinsa ɗaya ya lalace bayan ya wuce V1, hanci ma ya fara ɗagawa, kyaftin ya fasa tashi, jirgin ya zarce ƙarshen titi ya kama da wuta, mutum uku suka mutu, alhali sauran injina biyun za su iya ɗaga shi ya zagayo ya sauka. Amma a Maris 2017 a jihar Michigan ta Amurka wani MD-83 ya kai VR, kyaftin ya ja sitiyari hanci ya ƙi ɗagawa saboda faifan wutsiya ɗaya ya maƙale, ya taka birki duk da ya wuce V1, jirgin ya fita daga titi, mutum 116 da ke ciki babu wanda ya mutu, masu bincike kuma suka ce shawararsa daidai ce tunda jirgin ba zai tashi ba ko me aka yi. Bayan V1 wannan ne kaɗai irin dalilin da ke halatta birki.

Duk wannan bayanin da na zuba, manajan tasha zai iya taƙaita shi cikin minti biyu da Hausa da Turanci, ya ce an fasa tashi kafin V1 saboda inji, birki ya yi zafi, jirgin nan ba zai tafi yanzu ba, ga lokacin da wani zai zo, wanda ke son kuɗinsa ya zo nan. Maimakon haka sai ya shige ofis ya rufe ƙofa, ya bar wata yarinya sabuwar ɗauka tana shan zagi a madadinsa. Ni na fasa tafiyar na cike takardar mayar da kuɗi, har yau layin da suka ba ni ƙara yake yi babu mai ɗauka.